Inda gwajin rashiyo ya yi shiru: bin amsar wani ɗalibi layi-layi

Tambayar ta fito ne a aikin gida na ɗaliban aji biyu masu karatun lissafi a jami'a. An ba su wannan jeri marar ƙarewa, aka ce su nemo duk ƙimar x da jerin yake taruwa a kanta:

```
Σ (2n)!/(n!)^2 · x^n ,   n = 0, 1, 2, 3, ...
```

Ga wanda ya daɗe rabonsa da aji: jeri ya taru idan jimlar gaɓoɓinsa, ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya, tana matsawa kusa da wani adadi guda ta zauna a wajensa. In ba ta yi haka ba, ko ta yi ta hauhawa ko ta yi ta tsalle ba ta zauna ba, jerin ya watse. Alamar n! kuwa faktoriyal ce, wato a ninka 1 da 2 da 3 har zuwa n, kuma 0! daidai yake da 1.

Ga abin da ɗaya daga cikin ɗaliban ya rubuta. Lambobin gefe ni na sa su don mu riƙa nuni.

```
(1) a_n = (2n)!/(n!)^2 · x^n
(2) a_(n+1) = (2n+1)!/((n+1)!)^2 · x^(n+1)
(3) a_(n+1)/a_n = (2n+1)/(n+1) · x
(4) L = 2x
(5) 2x < 1, wato x < 1/2
(6) x = 1/2: (2n+1)/(2n+2) < 1, jerin ya taru
(7) Amsa: x ≤ 1/2
```

Aikin yana da tsabta a ido. Ya san gwajin da ya dace, domin duk inda faktoriyal ya yi yawa gwajin rashiyo ake fara ɗaukowa, wato a raba kowace gaɓa da ta bayanta a ga inda sakamakon ya nufa. Ya san ana neman limit, wato adadin da rashiyon yake matsawa kusa da shi yayin da n yake girma, ya kuma tuna cewa akwai gefen da ake dubawa daban, abin da ɗalibai da dama suke tsallakewa. Malamin da ke da takardu tari a gabansa zai iya kallon amsar ƙarshe, ya ga ba ita ba ce, ya ja jan biro ya wuce. Amma kurakuran da ke cikin waɗannan layuka bakwai ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu santsin hannu ne, ɗaya kuma rashin fahimtar gwajin ne kansa, kuma shi wannan ɗin ko an gyara duk sauran yana nan daram.

Kafin in karanta aljebarar ɗalibi, nakan fara gwada amsarsa da lambobi. Lambobin da ke gaban x^n a wannan jeri suna da sauƙin lissafi: 1, 2, 6, 20, 70, 252, 924. Su ne waɗanda ke tsakiyar layukan dalar Pascal. Ɗalibin ya ce jerin ya taru a x = 1/2, to mu zuba 1/2 ɗin mu gani. Gaɓoɓin su ne 1, 1, 1.5, 2.5, 4.375, 7.875. Ƙaruwa suke yi, kowace tana neman ninka ta bayanta. Jerin da gaɓoɓinsa ba sa gangarawa zuwa sifili ba shi da hanyar taruwa. Haka kuma amsarsa ta ce duk x da bai wuce 1/2 ba ya shiga, ke nan har da −10. A nan gaɓoɓin su ne 1, −20, 600, −20000. Ba sai an kira kowa shaida ba. Tun ba mu taɓa layi ko ɗaya ba mun san akwai ɓarna a wuri biyu aƙalla: adadin 1/2 ba daidai ba ne, kuma ɓangaren lambobin da ke ƙasa da sifili an bar shi a buɗe.

Layi na (1) ba shi da laifi. A layi na (2) aka fara zamewa. Idan za a fitar da gaɓa ta gaba, duk inda n yake ana maye gurbinsa da n+1 gaba ɗayansa, a cikin baka. Saboda haka (2n)! zai koma (2(n+1))!, wato (2n+2)!, ba (2n+1)! ba. Ɗalibin ya ƙara 1 ne a kan 2n maimakon a kan n. Da n = 2 ake gane shi nan take: gaɓa ta 2 tana da 4! a sama, gaɓa ta 3 tana da 6!. Tsarinsa 5! zai bayar. Tsakanin 5! da 6! akwai ninki shida, 120 da 720. Lambobi biyu ne sababbi suke shigowa sama a kowane taki, 2n+1 da 2n+2, shi kuwa ɗaya kawai ya shigo da ita.

Layi na (3) yana da nasa kuskuren daban. Ya rubuta ((n+1)!)^2 daidai a layi na (2), amma da ya zo soke-soke sai ya manta da murabba'in. (n+1)! shi ne (n+1) sau n!, don haka murabba'insa shi ne (n+1)^2 sau (n!)^2. Bayan an soke (n!)^2, abin da ya rage a ƙasa (n+1)^2 ne, shi kuma (n+1) guda ya bari.

Yadda kurakuran nan biyu suka rufa wa juna asiri shi ne abin kallo. Da na farko kaɗai ya yi, da rashiyon ya zama (2n+1)/(n+1)^2, limit ɗinsa sifili, sai ya ce jerin ya taru a kowane x. Da na biyu kaɗai ya yi, da rashiyon ya tafi ba iyaka, sai ya ce jerin bai taru ba sai a x = 0. Kowace daga cikin amsoshin nan za ta iya sa mai lura ya tsaya ya sake dubawa, tunda tambayar da ta ce a nemo tazara ba kasafai take ƙarewa haka ba. Amma da ya yi su duka biyu, sai ya yar da (2n+2) a sama, ya yar da (n+1) a ƙasa. To (2n+2) raba da (n+1) ai 2 ne cif. Ke nan duk abin da ya ɓata masa ninki biyu ne kawai, ya fito da sakamako mai kama da na gaskiya, ba abin da zai ja hankalinsa. Ga yadda ya kamata layukan su kasance:

```
|a_(n+1)/a_n| = (2n+1)(2n+2)/(n+1)^2 · |x|
              = (4n+2)/(n+1) · |x|
              = (4 − 2/(n+1)) · |x|
```

Ana iya tabbatar da wannan da lambobin da muka riga muka lissafa. 2 raba da 1 ya ba da 2, 6 raba da 2 ya ba da 3, 20 raba da 6 ya ba da 3.33, 70 raba da 20 ya ba da 3.5, 252 raba da 70 ya ba da 3.6. Tsarin da muka gyara yana ba da waɗannan daidai: a n = 0 ya ba da 2, a n = 1 ya ba da 3. Na ɗalibin 1 da 1.5 yake bayarwa, rabi-rabi. Wannan gwaji ba ya cin minti biyu, kuma shi na rubuta masa a gefen takarda, domin faɗa masa cewa (2n+2)! ne daidai zai gyara wannan tambayar kaɗai, amma ɗabi'ar zuba n = 0 da n = 1 a duk rashiyon da ya fitar za ta cece shi a tambayoyin da ba na wurin.

Layi na (4) daidai ne a kan abin da ya gada. Limit ɗin (2n+1)/(n+1) lalle 2 ne. Da rashiyon gaskiya, 2/(n+1) yana gangarawa sifili, sai a sami L = 4|x|.

A layi na (5) sandunan nan biyu da ke kewaye da x su ne magana. Gwajin rashiyo girman gaɓoɓi yake aunawa, ba ruwansa da alamarsu, shi ya sa ake sa rashiyon cikin sanduna. Ɗalibin ya jefar da su tun daga layi na (3), sai a nan abin ya fito fili. Idan x = −10, to 2x ya zama −20, wanda lalle bai kai 1 ba, amma ma'anarsa, a lissafinsa, ita ce kowace gaɓa ta ninka ta bayanta kusan sau ashirin a girma, tana juya alama. Ba ƙanƙancewa ke nan ba. Sharaɗin gaskiya shi ne 4|x| < 1, wato x yana tsakanin −1/4 da 1/4. Radiyos ɗin taruwa 1/4 ne. Rashin sandunan ya jawo masa asara ta biyu: tunda a lissafinsa tazarar ba ta da gefen hagu, bai ma san akwai wuri na biyu da za a duba ba. Akwai kuma ƙaramin abu da ba na rage maki a kansa: a x = 0 ba a iya raba gaɓa da gaɓa, tunda duk sifili ne ban da ta farko. Jimlar a nan 1 ce, sai a faɗe ta a wuce.

Yanzu layi na (6), wanda saboda shi na ga takardar ta cancanci a rubuta a kanta.

A ce mun gyara masa komai, ya zo gefen dama na gaskiya, x = 1/4. Rashiyon zai zama (4n+2)/(4n+4), wanda in aka rage shi ya koma (2n+1)/(2n+2). Shi ne dai abin da ya rubuta a layi na (6), harafi da harafi, saboda ninki biyun da ya ɓata masa a rashiyo ya dawo masa ta wajen 1/2 ɗin da ya zuba. Don haka gyaran aljebara bai taɓa hujjarsa ba ko kaɗan. Zai sake cewa na sama bai kai na ƙasa ba, rashiyon bai kai 1 ba, jerin ya taru. Da na nuna masa layin, abin da ya ce ke nan: "Malam, ai ko wane n aka saka, bai kai ɗaya ba. Kuma an ce in bai kai ɗaya ba ya taru."

Rabin maganarsa gaskiya ne. Ko wane n aka saka, (2n+1)/(2n+2) bai kai 1 ba. Amma ba abin da gwajin ya tambaya ke nan ba. Gwajin, wanda ake dangantawa da d'Alembert tun 1768, Cauchy kuma ya kafa shi da cikakkiyar hujja a 1821, cewa ya yi a nemo limit ɗin rashiyon, L. Idan L bai kai 1 ba jerin ya taru, idan ya wuce 1 ya watse, idan kuwa 1 ne daidai gwajin ba shi da ta cewa. Limit ɗin (2n+1)/(2n+2) kuwa 1 ne. Rashiyon yana tafiya 0.5, 0.75, 0.833, 0.875, 0.9, yana ta hawa, ba ya taɓa 1 amma ba inda ya nufa sai can.

Ɗalibin da aka ce wa "doka ce" zai haddace ya manta, don haka gara a nuna masa daga ina dokar ta fito. Gwajin rashiyo kwatanci ne a ɓoye, kwatanta jerinka da jerin jiyometiri, 1 + r + r^2 + r^3 + ..., wanda aka san yana taruwa a kan 1/(1−r) muddin r yana tsakanin 0 da 1. Idan L bai kai 1 ba, akwai fili tsakaninsa da 1, sai ka zaɓi wani r tsayayye a cikin filin. Daga wani n zuwa gaba duk rashiyon suna ƙasa da wannan r, saboda haka gaɓoɓin suna ƙanƙancewa aƙalla da saurin jerin jiyometirin, jimlarsu ba za ta wuce tasa ba. Ɗauki x = 0.2 a jerinmu. L ya zama 0.8, kuma kowane rashiyo yana ƙasa da 0.8. Gaɓoɓin su ne 1, 0.4, 0.24, 0.16, 0.112, kowace ba ta kai kashi 80 cikin 100 na ta bayanta ba. Jimlar ba ta da damar wuce 1/(1−0.8), wato 5, kuma a zahiri wajen 2.236 take zama.

Kalmar da ke ɗauke da hujjar ita ce "tsayayye". Dole r guda ya yi wa duk gaɓoɓin rufi. A x = 1/4 babu irin wannan r. Ka zaɓi 0.9, rashiyon ya kai shi a n = 4 ya wuce. Ka zaɓi 0.99, ya kai shi a n = 49, inda ya zama 99/100, ya wuce. Duk wanda ka ɗauko ƙasa da 1, akwai inda rashiyon zai haye shi. Abin da "rashiyo bai kai 1 ba" yake tabbatarwa ɗaya ne tak: kowace gaɓa ta fi ta bayanta ƙanƙanta. Bai ce komai a kan saurin ƙanƙancewar ba, kuma saurin shi ne shari'ar.

Misalai biyu sun isa su nuna cewa shirun gwajin na gaske ne. Jerin hamonik, 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + ..., rashiyonsa n/(n+1) ne, kullum ƙasa da 1, limit ɗinsa 1, kuma ya watse. Nicole Oresme ya nuna haka tun ƙarni na 14 ta hanyar ɗaure gaɓoɓin dami-dami: 1/3 da 1/4 sun haura rabi, daga 1/5 zuwa 1/8 sun haura rabi, daga 1/9 zuwa 1/16 haka, kuma damin ba ya ƙarewa. Jerin 1 + 1/4 + 1/9 + 1/16 + ... shi ma rashiyonsa kullum ƙasa da 1 yake, limit ɗinsa 1, amma ya taru, a kan π²/6 kamar yadda Euler ya gano. Jeri biyu, gwajin ya ga abu iri ɗaya a cikinsu, ƙarshensu ya bambanta. Da hujjar layi na (6) tana aiki, da jerin hamonik ya taru. Wannan na tambayi ɗalibin, ya yi jim, domin ya san hamonik ba ya taruwa, an koya musu tun makonnin farko.

Kuma wannan ba tsautsayin wannan tambaya ba ne. A jerin da ke da x^n, gefen tazara shi ne daidai wurin da L ya zama 1, haka aka samo gefen tun farko. Mayar da gwajin rashiyo can komawa ne wurin wanda ya riga ya ce maka bai sani ba. Dole a ɗauko wani makami.

To me ke faruwa a x = 1/4? Mu kira gaɓoɓin b_n. Tunda b_0 = 1 kuma kowace tana samuwa ta ninka ta bayanta da (2n+1)/(2n+2), ana iya rubuta su kai tsaye:

```
b_n = (1/2)(3/4)(5/6) ... ((2n−1)/(2n))
```

Ƙimominsu 1, 0.5, 0.375, 0.3125, 0.2734, 0.2461. Suna raguwa, amma dubi yadda raguwar take yin sanyi. Dabarar ita ce a gusa da na ƙasa taki ɗaya: a haɗa 3 da 2, 5 da 4, 7 da 6, sai 2n ya rage shi kaɗai a ƙarshe.

```
b_n = (3/2)(5/4) ... ((2n−1)/(2n−2)) · 1/(2n)  ≥  1/(2n)
```

Kowane baka kafin na ƙarshe ya haura 1, don haka b_n bai gaza 1/(2n) ba ga kowane n daga 1 zuwa sama. A n = 2, 3/2 sau 1/4 ya ba da 3/8, wanda ya haura 1/4. Jerin 1/(2n) rabin jerin hamonik ne, rabin abin da ba shi da iyaka kuwa ba shi da iyaka. Jerinmu ya fi shi girma gaɓa da gaɓa, saboda haka ya watse a x = 1/4. Hukuncin ɗalibin a gefen dama ba hujjarsa kaɗai ce ta karye ba, sakamakon ma akasin haka ne.

Akwai wani abu mai daɗi a wannan jeri ga mai son gani da ido. Jimlar gaɓoɓin daga b_0 zuwa b_n daidai take da (2n+1) sau b_n. Gwada: 1 + 0.5 + 0.375 ya ba da 1.875, kuma 5 sau 0.375 shi ma 1.875. Da wannan ana iya hango nesa ba tare da an yi ta tarawa ba. A n = 100 jimlar tana wajen 11.3, a n = 10000 tana wajen 113. Sai ka ninka yawan gaɓoɓi sau ɗari kafin jimlar ta ninka sau goma. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya tara gaɓoɓi goma a kalkuleta ya ga suna ƙanƙancewa zai iya rantsewa jimlar za ta tsaya.

Wannan ya kawo iyakar gwajin lambobin da na yaba a farko, kuma ya kamata ɗalibi ya ji ta tare da yabon. Lambobi suna kama kuskuren aljebara, suna kuma tona amsar da ta yi nisa da gaskiya, amma ba sa yanke hukuncin taruwa. Ɗauki x = 0.3, wanda ke cikin tazarar ɗalibin amma yana wajen ta gaskiya. Gaɓoɓin farko su ne 1, 0.6, 0.54, kamar masu gangarawa. Ta gaba 0.54 ce kuma, sai 0.567, 0.612, 0.674, daga nan ba su ƙara saukowa ba. Rashiyon farko-farko suna ƙasa da 1, amma limit ɗin 1.2 ne, kuma shi ne ya yi hukunci.

Gefen hagu, x = −1/4, wanda ɗalibin bai leƙa ba. Gaɓoɓin su ne dai b_n, amma alamarsu tana juyawa: 1 − 0.5 + 0.375 − 0.3125 + ... A nan gwajin Leibniz na jeri mai juya alama ake ɗaukowa, kuma abu biyu yake nema: girman gaɓoɓin ya riƙa raguwa, kuma ya gangara har sifili. Sharaɗi na farko shi ne ainihin abin da ɗalibin ya tabbatar a layi na (6). Lurarsa cewa (2n+1)/(2n+2) bai kai 1 ba gaskiya ce mai amfani, a wurin da ba nata ba ya ajiye ta. Na rubuta masa haka a takardar, domin ya san abin da zai riƙe da abin da zai saki.

Sharaɗi na biyu ba ya zuwa kyauta, kuma a nan ma ɗalibai sukan yi tsalle. Raguwa ba ita ce kaiwa sifili ba: 1 + 1/n yana raguwa har abada amma a 1 yake tsayawa. Sai an nuna. Hanya mai sauƙi ita ce a lura cewa 1/2 bai kai 2/3 ba, 3/4 bai kai 4/5 ba, 5/6 bai kai 6/7 ba, haka har ƙarshe, saboda (2k−1)(2k+1) shi ne 4k² − 1, wanda bai kai 4k² ba. Idan aka ninka b_n da kansa, aka maye kwafi na biyu da waɗannan manyan, komai zai soke juna:

```
(b_n)^2 < (1/2)(2/3)(3/4) ... (2n/(2n+1)) = 1/(2n+1)
```

Saboda haka b_n bai kai 1/√(2n+1) ba, wanda ke gangarawa sifili. Sharuɗɗan biyu sun cika, jerin ya taru a x = −1/4. Taruwar tasa ta dogara ne da juyawar alama, tunda in aka cire alamun jerin gefen dama ne zai dawo, wanda ya watse. Jimlolin suna lilo: 1, 0.5, 0.875, 0.5625, 0.8359, 0.5898, 0.8154, suna matso wani adadi daga sama da ƙasa.

Cikakkiyar amsa ke nan:

```
−1/4 ≤ x < 1/4
```

Mai duba takarda yana da wata hanya ta tabbatar wa kansa, ko da ba a nemi ɗalibi ya sani ba. A cikin tazarar, jimlar wannan jeri ita ce 1/√(1−4x). A x = 0.2 ta ba da √5, wato 2.236 ɗin da muka ambata. A x = −1/4 ta ba da 1/√2, kusan 0.7071, adadin da jimlolin can suke lilo a kewayensa. A x = 1/4 na ƙasa ya zama sifili, abin ya fashe, daidai da watsewar da muka samu. A x = 1/2 na ɗalibin kuwa, −1 ne zai shiga ƙarƙashin alamar √.

Batun maki. Tambayar maki goma ce: huɗu na fitar da rashiyo, ɗaya na limit, ɗaya na tazara da sandunanta, bibbiyu na kowane gefe. Na ba shi ɗaya don ya zaɓi gwajin da ya dace ya kuma jera rabon, ɗaya don limit ɗin da ya ɗauka daidai ne a kan abin da ke hannunsa. Ba na hukunta kuskure ɗaya sau biyu, don haka 1/2 maimakon 1/4 bai ci masa wani maki ba bayan wanda ya riga ya rasa a layi na (2) da na (3). Makin tazara ya tafi ne saboda sandunan. A gefen dama ban ba shi komai ba, kuma ko da a ce jerin ya taru a can bisa sa'a, ba zan bayar ba, domin hujjar da za ta tabbatar da taruwar jerin hamonik ba hujja ba ce. Na san akwai malaman da za su ba da rabin maki don ya tuna da duba gefe. Ina ganin dalilinsu, amma ɗalibin da ya ga rabin maki a layi na (6) zai ɗauka ya kusa, alhali bai kama hanya ba.

Don in ga ko gyaran ya shiga, ban sake ba shi wannan tambayar ba. Na kifa ta na ba shi:

```
Σ (n!)^2/(2n)! · x^n
```

Rashiyon yanzu (n+1)/(4n+2) sau |x| ne, L ya zama |x|/4, radiyos 4. A x = 4 rashiyon ya koma (2n+2)/(2n+1), limit ɗinsa 1. Ya rubuta cewa gwajin ya yi shiru, wanda daidai ne, sai ya tsaya a nan, yana tsoron ya ce komai a kan rashiyon tunda an hana shi a baya. Amma a wannan karon kallon rashiyon kai tsaye yana yanke hukunci. Ko wane n aka saka ya haura 1, ke nan kowace gaɓa ta fi ta bayanta girma: 1, 2, 2.67, 3.2, 3.66. Gaɓoɓin da ke ƙaruwa daga 1 ba za su gangara sifili ba, don haka jerin ya watse. Ba gwajin rashiyo ne ya faɗi haka ba, sharaɗin farko na taruwa ne ya faɗi. Ɓangarorin biyu ba su yi daidai ba: rashiyon da kullum ya kai 1 ko ya wuce ya isa hujjar watsewa, wanda kullum bai kai 1 ba kuwa bai isa hujjar taruwa ba. Ina zaton daga nan ruɗin layi na (6) ya samo asali, ɗalibi ya ga an yi amfani da na farko a allo ya ɗauka na biyu ma halal ne. A x = −4 girman gaɓoɓin bai canza ba, juyawar alama ba za ta taimaki gaɓoɓin da ke ƙaruwa ba, gwajin Leibniz ma ya faɗi tun a sharaɗinsa na farko. Amsar wannan ita ce −4 < x < 4, gefen biyu duka a waje.